Idan Maras Lafiya Ya Ce A'a: Yadda Likita Yake Auna Hankalinsa da Yadda Yake Rubuta Abin da Ya Gano

A cikin watan Satumba na shekarar 1993, an kai wani dattijo ɗan shekara 68 wani babban asibiti a ƙasar Ingila, ƙafarsa ta ruɓe ta yi baƙi. Daga Broadmoor aka ɗauko shi, wato asibitin da ake tsare masu taɓin hankali waɗanda ake tsoron za su iya yi wa jama'a lahani, kuma ya yi shekaru masu yawa a can. Likitan fiɗa ya duba ƙafar, ya ce in ba a yanke ta daga ƙasan gwiwa ba, damar da dattijon yake da ita ta rayuwa ba ta wuce kashi 15 cikin 100 ba. Dattijo ya ce bai yarda ba. Ya amince a yi masa sauran magani, a kankare ruɓaɓɓen naman, amma kada a raba shi da ƙafarsa.

Wannan mutum, wanda takardun kotu suka sakaya sunansa da harafin C, ya gaskata cewa shi shahararren likita ne da ya yi aiki a ƙasashen duniya, alhali bai taɓa zama likita ba. Da jin haka, mai karatu zai iya cewa ai magana ta ƙare, a yanke ƙafar kawai a ceci ransa. To amma da maganar ta je gaban kotu a watan Oktoba na wannan shekara, Mai Shari'a Thorpe ya hana asibitin yanke ƙafar sai da rubutaccen izinin mai ita. Hujjarsa ita ce, dattijon ya fahimci bayanin da aka yi masa, ya riƙe shi, ya gaskata shi gwargwadon hali, ya kuma auna shi kafin ya zaɓa. Taɓin hankalin yana nan, amma bai kai ga lalata wannan shawara guda ba. Kafin ma a yanke hukuncin, maganin da ya yarda da shi ya riga ya kawar da haɗarin da yake ciki a lokacin.

Wannan maƙala za ta duba yadda likita yake gane ko maras lafiyar da ya ƙi magani yana da ikon yanke wa kansa shawara, da kuma yadda yake rubuta abin da ya gano a cikin fayil. Darasin da shari'ar C ta bari shi ne ginshiƙin maganar: abin da ake aunawa shi ne hanyar da tunanin mutum ya bi, ko da kuwa likita bai ji daɗin inda hanyar ta kai shi ba.

Mene ne ikon yanke shawara?

Abin da likitoci suke nufi da ikon yanke shawara shi ne mutum ya iya karɓar bayani a kan cutarsa, ya juya shi a ransa, ya fitar da zaɓi. Akwai ƙa'idoji uku da ya kamata mu riƙe tun daga farko.

Ta farko, duk baligi ana ɗaukarsa mai wannan iko ne har sai an tabbatar da akasin haka. Ba maras lafiya ne zai kawo hujjar cewa hankalinsa yana nan ba. Wanda yake zargin babu shi, shi zai kawo hujja. Tsufa, ko rashin karatun boko, ko tsummokaran da ke jikin mutum, ko tarihin taɓin hankali, babu ɗayansu da ya isa hujja.

Ta biyu, ikon yana rataye ne da shawara guda a lokaci guda. Tsohuwar da mantuwa ta kama tana iya gane amfanin allurar da za a yi mata ta yarda, amma ta kasa bin zaren bayanin babbar tiyata mai rassa da yawa. Haka kuma wanda zazzaɓi ya ɗimauta da dare yana iya wayewa garau da safe. Saboda haka tambayar da likita yake yi wa kansa ita ce: shin wannan mutum zai iya yanke wannan shawara a yanzu?

Ta uku, mutum yana da 'yancin yin zaɓin da wasu za su kira wauta. Dokar da majalisar Birtaniya ta kafa a 2005 domin Ingila da Wales, wadda ta fara aiki a 2007, ta faɗi wannan ƙarara. A Nijeriya ma Kotun Ƙoli ta tsaya a kan irin wannan matsayi a 2001, a shari'ar Dakta Okonkwo. Wata mata mabiyar ɗariƙar Shaidun Jehobah ce ta ƙi ƙarin jini bayan haihuwa a 1991, ta rasu, aka tuhumi likitan da bai tilasta mata ba. Kotun ta wanke shi, ta ce baligi mai cikakken hankali yana da haƙƙin ƙin magani ko da ƙin zai kai shi ga mutuwa. Wannan hukunci na manya ne. Game da ƙananan yara, Kotun ta nuna a 2019 cewa kotu tana iya ba da izinin a ceci ran yaro ko da iyayensa sun ƙi.

Daga nan za a ga inda haɗarin yake. In likita ya yi wa mai cikakken hankali tiyata a kan dole, ya keta haddin jikinsa, kuma doka za ta iya hawa kansa. In kuma ya bar wanda cuta ta ruɗar da tunaninsa ya tafi gida ya mutu, da sunan girmama ra'ayinsa, to ya yi sakaci da ran da aka damƙa masa. Awon da za mu bayyana shi ne yake raba waɗannan kurakurai biyu.

Ma'aunai huɗu

A 1988 wasu masana biyu na Amurka, Paul Appelbaum da Thomas Grisso, suka tattara abin da kotuna suke dubawa a wannan fanni suka mai da shi abubuwa huɗu: fahimta, da gane cewa bayanin ya shafi kai, da auna dalilai, da faɗin zaɓi. Dokar 2005 da muka ambata ta jera nata huɗun da ɗan bambanci, inda ta sa riƙe bayani a matsayin ma'auni mai zaman kansa. Jerin dokar za mu bi a nan.

Na farko shi ne fahimta. Maras lafiya ya gane mece ce cutarsa, wane magani aka ba da shawara, mene ne amfaninsa da haɗarinsa, wace hanya ce kuma ban da ita, sannan me zai faru in ba a yi kome ba. Ba a neman ya san sunayen jijiyoyi. Gundarin maganar ake so.

Na biyu shi ne riƙewa. Ya riƙe bayanin na tsawon lokacin da zai ishe shi ya yi tunani a kansa. In ya manta gobe, wannan bai rushe shawarar yau ba. Amma in kafin likita ya kai ƙarshen jimla farkonta ya ɓace masa, to akwai matsala.

Na uku shi ne aunawa, kuma shi ne mafi wuyar ganewa. Mutum ya ɗora amfani a gefe guda, haɗari a gefe guda, ya haɗa da abin da yake da daraja a rayuwarsa, ya ga inda ya rinjaya. A nan ne ake duba ko ya yarda cewa bayanin a kansa ake yi. Akwai wanda zai maimaita wa likita duk abin da aka faɗa masa kamar hadda, sannan ya ce amma shi ƙafarsa lafiyarta ƙalau, datti ne kawai. Wannan ya haddace, bai auna ba.

Na huɗu shi ne isar da zaɓi, ko da baki, ko da rubutu, ko da alamar hannu, ko da ƙifta ido.

In mutum ya kasa ɗaya daga cikin huɗun nan, sai likita ya yi tambaya ta gaba: akwai wata larura a ƙwaƙwalwa ko a hankali da ta jawo wannan kasawa? Tana iya zama ɗimuwar zazzaɓi, ko faɗuwar sukari a jini, ko bugun kai, ko shanyewar ɓarin jiki, ko maye, ko cutar mantuwa, ko taɓin hankali. Dole a nuna igiyar da ta ɗaure larurar da kasawar. A shari'ar C larura tana nan, amma igiyar ce aka nema aka rasa.

Misali daga gadon asibiti

Domin maganar ta fito fili, bari mu ƙaddara wani misali irin wanda ake yawan gani a asibitocinmu. Wani dattijo ne mai sayar da hatsi, ɗan shekara 62, ya yi shekara goma da ciwon suga. Ƙaya ta soke shi a tafin ƙafar hagu bai ji ba, domin ciwon suga yakan kashe jijiyoyin ji a ƙafa. Bayan mako uku yatsu sun yi baƙi, wari ya tashi, ruɓar ta haura zuwa idon sawu. Likitan fiɗa ya ce a yanke daga ƙasan gwiwa. Dattijo ya ce a'a.

Da ƙarfe tara na dare likitar da ke bakin aiki ta zo wurinsa. Kafin ta yi masa tambaya ko ɗaya sai ta duba awonsa: zafin jiki digiri 39.2, bugun zuciya 118 a minti, sukarin jini ya hau ƙwarai. Ta gaishe shi, ta ce, "Baba, kun san inda kuke yanzu?" Ya ce yana rumfarsa a kasuwa, a kira masa yaron da ke auna gero. Ta yi masa bayanin ƙafar da gajerun jimloli, ta roƙe shi ya faɗa mata abin da ya ji. Ya fara, sai ya saki zancen ya koma maganar buhuna, yana ta fizgar robar ƙarin ruwa. Babban ɗansa ya ce shekaranjiya da kansa ya yi lissafin cinikinsa bai yi kuskure ba.

Waɗannan alamu ne na ɗimuwa: ta zo farat ɗaya, tana hawa tana sauka, ta fi tsanani da dare, kuma babbar shaidarta ita ce kasa tsai da hankali wuri guda. Ƙwayoyin cutar da suka shiga jini daga ƙafar su ne sanadi. A wannan dare dattijo ba shi da ikon yanke shawara a kan yanke ƙafa, domin ya kasa fahimta ya kuma kasa riƙewa.

To, sai a garzaya da shi ɗakin tiyata tun da ya kasa? Tambayar da ta kamata a nan ita ce: shawarar za ta iya jira? Likitar ta tuntuɓi likitan fiɗa, ya ce in aka sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, da ƙarin ruwa, da insulin, ana kuma sa ido sosai, za a iya jinkirta tiyatar zuwa gobe. Aka yi wa iyalinsa bayani, aka fara wannan magani domin shi ne abin da ransa yake bukata nan take. Yanke ƙafa kuwa abu ne da ba a mai da shi baya, saboda haka aka bar shi har mai ƙafar ya dawo hayyacinsa. Da a ce jiran zai kashe shi a daren, da hukuncin ya sauya: likitoci za su yi abin da ya fi zama maslaha gare shi, bayan sun tambayi iyalinsa abin da ya saba faɗa da abin da yake so tun yana lafiya.

Washegari da hantsi zazzaɓi ya sauka zuwa 37.4. Likitar ta dawo, ta ja labule, ta tabbatar an ba shi maganin zogi kuma bai sa shi gyangyaɗi ba. Ta roƙi 'ya'yansa su ɗan ba su wuri, ta bar ma'aikaciyar jinya guda ta zama shaida. Ta zauna a kujera daidai da shi, ta yi magana da Hausa. Wannan duka yana cikin aikin, domin ba a cewa mutum ya kasa sai an yi duk abin da za a iya don a taimake shi ya iya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 a Nijeriya ta ɗora wa ma'aikacin lafiya nauyin ya sanar da maras lafiya haƙƙinsa na ƙin magani da abin da ƙin zai haifar, kuma in da hali, da harshen da yake ji.

Bayan ta sake yin bayani, sai ta ce, "Baba, don in tabbatar na yi bayanin daidai, ku faɗa mini da bakinku abin da ke damun ƙafar nan."

Ya ce, "'Yata, naman ya mutu. Sugan nan ne ya hana jini zuwa. Kun ce dafin yana shiga jikina, shi ya sa jiya ban san inda kaina yake ba."

Ta ce, "Me muka ce a yi?"

Ya ce, "A yanke daga nan," ya nuna ƙasan gwiwarsa. "In an yanke, dafin ya tsaya, wataƙila in samu ƙafar roba. Kun ce ita tiyatar ma tana da nata haɗarin."

Ta ce, "In ba a yanke ba fa?"

Ya ce, "Ruɓar za ta hau. Mai yiwuwa ne ita ce ajalina, cikin kwanaki ko makonni. Na ji wannan."

Ta ce, "To me ya sa kuka zaɓi a bar ta?"

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wana an yanke masa tasa. Wata huɗu ya yi a kwance ana juya shi, sannan ya rasu. Na san ba lalle tawa ta zama irin tasa ba, kun faɗa mini da yawa suna tashi su yi tafiya. Amma na auna, na fi son in koma ga Ubangijina da jikina cikakke. Ku kankare abin da ya mutu, ku ba ni allurai, na yarda da wannan."

Mai karatu ya lura da irin tambayoyin. Babu wadda za a amsa da "i" ko "a'a". Da ta ce, "Baba, kun gane?" da ya ce "Na gane," kuma da ba ta ƙaru da kome ba. A al'adarmu, kara da kunya sukan sa dattijo ya ce "to" ga likita alhali bai yarda ba, ko ma bai ji ba. Sai mutum ya mai da bayani da kalmominsa ake sanin ya shige shi.

Likitar ta ƙara tambaya biyu. Ta tambaye shi ko kuɗin tiyata ne yake tsoro, domin sau da yawa "ba na so" tana nufin "ba ni da shi", kuma maganin wannan yana ofishin jin daɗin marasa lafiya da wurin dangi. Ya ce 'ya'yansa sun riga sun haɗa kuɗin. Ta kuma tambaye shi ko wani ne ya matsa masa. Ya yi murmushi ya ce duk gidan so suke a yanke. Bayan la'asar ta sake dawowa tare da likitan fiɗa, dattijo ya maimaita matsayinsa da dalilansa ba sauyi. Hukuncinta shi ne yana da ikon yanke wannan shawara, ko da yake ita da ta so ya zaɓi tiyatar.

Inda ake yin kuskure

Kuskure na farko shi ne ɗaukar imani a matsayin ruɗu. In dattijo ya ce warkarwa ta Allah ce, ko ya ce yana zargin jifa aka yi masa, wannan magana ce da jama'arsa da yawa suke yi, ba alamar cutar ƙwaƙwalwa ba ce. Abin dubawa shi ne ko tare da wannan imani yana iya karɓar cewa ƙafar tana ruɓewa kuma tana iya kashe shi. Amma da ya ce ƙafar ba tasa ba ce, ko ya ce wata murya daga bango ta hana shi, to da an nemi likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi.

Na biyu shi ne dogaro da gwajin maki. Akwai sanannen gwajin tunani mai maki 30 da Folstein da abokan aikinsa suka fitar a 1975, wanda a ciki ake tambayar kwanan wata, ana kuma sa mutum ya riƙa ɗebe bakwai daga ɗari. Yana taimakawa wajen gano larura, amma ba ya auna ikon yanke shawara. Dattijon da yake lissafin kwanakinsa da watannin Musulunci, bai kuma taɓa riƙe fensir ba, zai iya faɗuwa wannan gwaji alhali ya fi mai gwada shi sanin abin da yake so.

Na uku shi ne tafinta daga cikin dangi. Ɗa yakan tausasa magana don kada ya tsorata mahaifinsa, sai "za ku iya mutuwa" ta koma "za ku ɗan sha wuya". Wanda ba a faɗa wa haɗari ba, ba za a ce ya kasa auna shi ba. In likita ba ya jin harshen maras lafiya, gara a nemi ma'aikacin asibiti ya yi tafinta, a kuma rubuta sunansa.

Na huɗu shi ne ɗimuwa mai shiru. Ba kowane ruɗaɗɗe ne yake fizge-fizge ba. Wani yakan kwanta lamo, yana gyaɗa kai ga duk abin da aka ce, sai a ɗauka mai haƙuri ne. Haka nan baƙin ciki mai tsanani yakan sa mutum ya ga bai cancanci rayuwa ba, ya fahimci kome amma ma'auninsa ya karkace. In kuwa maras lafiya ya ƙi yin magana sam, shirunsa bai tabbatar da kome ba. Sai a rubuta haka, a sake dawowa, ko a turo wanda ya fi sakin jiki da shi.

Abin da ake rubutawa

Likitan da zai karɓi aiki da tsakar dare bai ji wannan hira ba. Haka ma alƙalin da wataƙila zai buɗe fayil ɗin bayan shekara biyar, in wani daga cikin 'ya'yan ya kai ƙara cewa an bar mahaifinsu ya mutu. Abin da ke kan takarda shi kaɗai ne zai yi musu magana. Rubutu irin "Maras lafiya ya ƙi tiyata, ba ya ba da haɗin kai" ko "Yana cikin hayyacinsa" hukunci ne tsirara, babu hujjar da mai karatu zai bi ya gani da idonsa. Takardar da ake sa mutum ya sa wa hannu cewa ya ƙi shawarar likita ita ma ba ta wadatar ba, domin ruɗaɗɗe ma yana iya dangwala yatsa.

Da Ingilishi ake rubuta fayil a asibitocin Nijeriya, amma yana da kyau a sa kalmomin maras lafiya da harshen da ya faɗe su, a biyo da fassara. Ga yadda bayanin likitarmu zai kasance in an mai da shi Hausa:

"Ranar Talata, ƙarfe 10:30 na safe, ɗakin maza, gado na 6. Shawarar da ake aunawa: yanke ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa saboda ruɓa. Dalilin awo: ya ƙi tiyata, kuma jiya da dare yana cikin ɗimuwa. Waɗanda ke wurin: ni da ma'aikaciyar jinya; iyali suna waje da yardarsa. Harshe: Hausa, babu tafinta.

"Halinsa yanzu: zafin jiki 37.4, a farke yake, ya san wuri da mutane, yana bin zance har ƙarshe. An ba shi maganin zogi, ba ya gyangyaɗi.

"Abin da na faɗa masa: yanayin cutar, amfanin tiyata da haɗarinta, hanyar kankare nama da allurai, da cewa da wuya ta wadatar, yiwuwar mutuwa cikin kwanaki ko makonni in ba a yanke ba.

"Fahimta: ya ce, 'Naman ya mutu, dafin yana shiga jikina.' Riƙewa: ya maimaita hanyoyin biyu bayan minti ashirin ba tare da an tuna masa ba. Aunawa: ya ce, 'Mai yiwuwa ne ita ce ajalina.' Ya kawo abin da ya sami wansa, ya yarda nasa zai iya bambanta, ya fifita mutuwa da cikakken jiki. Isar da zaɓi: a fili, ya ƙi yankewa, ya yarda da kankarewa da allurai. Ya ce ba kuɗi ba ne, kuma ba wanda ya matsa masa.

"Ra'ayina: bisa rinjayen hujja, yana da ikon yanke wannan shawara a wannan lokaci. Na shaida masa cewa shawarata ita ce tiyata, kuma yana iya sauya ra'ayi ko da yaushe.

"Shiri: a ci gaba da allurai, insulin da maganin zogi, a kankare yau, likitan fiɗa ya ba da ra'ayi na biyu da yamma, a sanar da iyali da izininsa, a sake tattaunawa kullum. Na tambaye shi abin da yake so in ya sake ɗimaucewa, ya ce kada a yanke."

Sai suna, da muƙami, da sa hannu.

Wannan layi na ƙarshe yana da nauyi ƙwarai. Ruɓar tana iya sake tayar da zazzaɓi, dattijo ya koma cikin ɗimuwa, 'ya'yansa su ce to yanzu a yanke tun da ba ya cikin hayyacinsa. Abin da ya faɗa lokacin da hankalinsa yake garau, aka kuma rubuta da kwanan wata da shaida, shi ne zai nuna wa likitan dare abin da mai ƙafar yake so.

Bayanin daren farko ma haka ya kamata ya kasance dalla-dalla: abin da aka tambaye shi, amsar da ya bayar ta rumfa da buhuna, wane ma'auni ya kasa, wace larura ce ta jawo, me ya sa aka jinkirta tiyata, da lokacin da za a sake awo. Kada a rubuta "ba shi da hankali", domin irin wannan kalma takan manne wa mutum a fayil, kowa ya riƙa yi masa kallonta har bayan ya warke. A rubuta a kan lokaci. In an makara, a nuna cewa bayanin na baya ne, a sa lokacin da aka rubuta shi. In an yi kuskure, a ja layi ɗaya a kansa yadda za a iya karanta shi, a sa hannu a gefe; ba a gogewa, ba a yage shafi.

Kammalawa

Awon nan ba na likitan ƙwaƙwalwa kaɗai ba ne. Nauyinsa yana kan likitan da ya kawo shawarar maganin, domin shi ya san haɗarin da za a bayyana. Ana kiran likitan ƙwaƙwalwa ne in lamarin ya rikice ko ana zargin taɓin hankali. Gwargwadon girman abin da za a rasa, gwargwadon natsuwar da ake bukata: ƙin ƙwayar ciwon kai ba ya neman dogon zama, amma ƙin da zai iya kai wa ga kabari yana neman zama biyu, da ra'ayin likita na biyu, da rubutu cikakke.

Malamai za su iya gwada wannan a aji. Ɗalibi ɗaya ya zama likita, ɗaya maras lafiya, na uku ya rubuta bayanin. Sannan a miƙa takardar ga na huɗu wanda yake waje lokacin hirar, a tambaye shi ko daga abin da ya karanta kaɗai zai iya faɗin me aka auna, me maras lafiyar ya ce, da dalilin da ya sa aka yanke hukuncin da aka yanke. In ya iya, rubutun ya yi. In ya tsaya yana tambaya, sai a koma a nemi abin da aka bari a baki ba a sa a takarda ba.